Zanen Nyquist idan na'urar ba ta da daidaito tun asali

"Zanena bai kewaye −1 ba, amma da na rufe madaukin sai tsarin ya ƙwace. Ina kuskuren yake?"

Malam, ƙa'idar cewa kada zane ya kewaye −1 tana aiki ne kawai idan buɗaɗɗen madauki yana da daidaito. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce Z = N + P, inda Z yake nufin yawan tushen rufaffen madauki da ke ɓangaren dama na filin s, P yawan tushen ƙasan L(s), wato lissafin buɗaɗɗen madauki, da ke wannan ɓangaren, N kuma yawan kewayen −1 bin hannun agogo. Ana son Z ya zama 0, saboda haka dole zanen ya kewaye −1 sau P, saɓanin hannun agogo.

Ka ɗauki L(s) = K/(s − 1), mai P = 1. Zanen yana tashi daga −K lokacin da ω = 0, ya bi ta ƙasa zuwa 0, rabin ω mai ragi kuma ya cike da'irar ta sama. Wannan rabin ne ake yawan mantawa, kuma ƙirga ba ta yiwuwa sai da shi. Idan K = 2, −1 yana cikin da'irar, N = −1, Z = 0, tushen rufaffen madauki kuwa yana s = −1. Idan K = 0.5, da'irar ba ta kai −1 ba, Z = 1, tushen ya koma s = 0.5.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne, a nan rage K ne yake rushe daidaito, don haka ka ƙirga P tukuna kafin ka taɓa K.