Kuɗi sun shiga akawun ɗina amma sun ƙi fita

*Salam. Dan Allah ina da akawun da na buɗe lokacin bautar ƙasa, yau kusan shekara 2 ban taɓa shi ba. Yayana ya turo min N180,000 na sayen taki, alat ya shigo amma na je wajen mai POS sau 3 ya ƙi fita. Wani yaro a unguwarmu ya ce in ba shi 5,000 da lambar BVN ɗina zai buɗe min. In ba shi ne ko in buɗe sabon akawun kawai? — daga Funtuwa*

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ba yaron nan ko sisi, BVN kuwa ko da wasa kar ka karanta masa. Sabon akawun ma ba zai fito maka da kuɗin takin ba tunda suna cikin tsohon, dole dai sai ka taka zuwa banki da ƙafarka. Amma ka kwantar da hankalinka, kuɗinka na nan ba wanda ya ci.

Akawun ɗinka barci ya yi. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a watan Yulin 2024, in aka yi wata 6 mai akawun bai motsa shi ba ana sa shi cikin waɗanda ba sa aiki, in ya kai shekara 1 a haka shi ne zaka ga an rubuta `Dormant`. Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ganin ana cire musu kuɗin alat duk wata ko an ɗan zuba musu ruwan ajiya sai su ɗauka akawun na raye, alhali wannan duk banki ne ke yi da kansa, ba ya shiga lissafi. Abin da ake ƙirgawa shi ne wanda kai ka yi, ka cire, ka ajiye, ka tura wa wani. Kuma wlh rufewar nan gata aka yi maka, don akawun da mai shi ya manta da shi shi ne ɓarayi suka fi so, balle in layin da ke karɓar alat ya faɗa hannun wani. Wasu bankunan suna barin kuɗi su shiga su hana fita kamar yadda ya faru da kai, wasu kuma turawar ma dawowa take yi wa mai turowa.

Kafin ka kashe kuɗin mota ka fara dubawa. In kana da manhajar bankin a waya ka shiga wajen bayanin akawun, wani lokacin a nan zaka ga `Dormant` ko `Inactive` ko `Restricted`. In babu, ka juya bayan katin ATM ɗinka akwai lambar bankin, ita zaka kira, banda wadda aka turo maka a WhatsApp. Tambaya ɗaya zaka yi musu: barci ya yi ko an sa masa `PND`, wato takunkumin hana fitar da kuɗi? Ka kuma kalli gaban katin, akwai wata da shekarar da zai mutu. Sau da yawa mai irin matsalarka abu biyu ne ke haɗe masa, akawun ya yi barci katin ma ya mutu, sai a gyara ɗaya ya koma wajen mai POS ya sake jin kunya.

Ranar zuwa banki ka yi sammako, ka riƙe takardar NIN ko katin zaɓe ko lasisin tuƙi wanda bai mutu ba, da hoton fasfo ko biyu, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan don shaidar inda kake zaune, sannan wayar da layin BVN ɗinka ke ciki. In ka manta BVN ɗin ka danna `*565*0#` a kan layin da ka yi rajista da shi, lambobi 11 ne zasu fito, ana cire ɗan kuɗi kaɗan a katin waya. Ba layin masu cire kuɗi zaka bi ba, teburin masu kula da kwastoma zaka nufa ka ce ka zo farfaɗo da akawun. Zasu ba ka fom ka cike, su duba sa hannunka da wanda ka yi ranar buɗewa, don haka tun a gida ka zauna ka tuno yadda kake sa hannu lokacin bautar ƙasa. Kyauta ne. Ƙa'idar CBN ta hana a caje ka kuɗin farfaɗowa, kuma in takardunka sun cika kwana 3 na aiki aka ba su. Sabon kati ne kawai zaka biya in naka ya mutu. Da an buɗe ka cire ko da dubu ɗaya ce a ranar ka tabbatar da idonka.

Ko wanda ya bar nasa shekara 10 ma kuɗin ba su zama na banki ba, ana mayar da su wani asusun amana ne a CBN, mai su ko magadansa su nema ta hannun bankin da aka buɗe akawun ɗin.

*Ni nawa kullum ina amfani da shi, ina saida atamfa. Ranar da na kwashi adashi N350,000 aka turo min tun daga nan ba na iya tura ko naira. Sun ce wai PND. Laifin me na yi? — wata 'yar'uwa daga Gusau*

Hajiya ba ki yi laifin komai ba, naki daban ne da na sama. `PND` na nufin an toshe ƙofar fita, kuɗi su shiga amma kar a cire, kuma ana sa shi ne da dalili, sai an kawar da dalilin yake sauka. Yadda kika faɗa ɗin nan na fi zargin ƙaramin akawun kike da shi, wanda suke kira `Tier 1`, irin wanda ake buɗewa a waya ko wajen wakili ba tare da takardu da yawa ba. Shi iyakarsa N50,000 a shigowa ɗaya, kuma jimillar abin da ke ciki kar ya wuce N300,000. To kin ga adashinki ya tsallake duka biyun a lokaci guda. Maganinsa ki je ki ce a ɗaga miki matakin akawun, ki kai BVN da NIN duka biyun, don tun sanarwar CBN ta Disambar 2023 manyan matakan sai da su biyun, ki haɗa da hoto da shaidar adireshi. Mai kasuwanci irinki ki nemi `Tier 3` kai tsaye ki huta.

Inda abin ke cin rai shi ne suna. Na taɓa raka wata gwaggona banki, a BVN an rubuta mata sunan mahaifinta, a NIN kuma ta sa na mijinta, shekarar haihuwa ma ta bambanta da shekara biyu. Muna zaune tun safe tana riƙe da takardun a cikin leda, ma'aikaciyar ta juyo mana da fuskar kwamfuta ta ce Mama kin gani, wannan mutum biyu ne a wajenmu. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu aka gyara guda ya dace da ɗayan sannan aka sake mata kuɗinta. Don haka kafin ki fita ki ajiye takardun gefe da gefe ki duba harafi bayan harafi.

In kuma suka ce ba wannan ba ne, ki matsa su faɗa miki wa ya sa a rufe. Akwai wanda ake sawa don wani ya kai ƙorafi cewa ya yi kuskuren turo kuɗi ko an damfare shi, akwai na umarnin kotu, wanda ma'aikacin da ke gabanki ba shi da ikon cire shi. Ki duba manhaja, in `Available Balance`, wato abin da zaki iya cirewa, ya gaza `Ledger Balance`, wato jimillar abin da ke ciki, to wani kaso kawai aka riƙe. Ki rubuta ƙorafi a takarda, ki yi kwafi su buga miki hatimi a naki su ba ki lambar ƙorafin. In sati 2 ya wuce shiru, da wannan kwafin zaki kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN.