Amsa ga Hajiyar Talaje: kuɗin hayan da inshora ke biya bayan gobara

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya gobara ta kama gidana na haya a Talaje, ɗakuna uku sun ƙone, ƴan haya duk sun tashi. Ina da inshorar gidan, kuma a takardar akwai wurin da aka rubuta asarar kuɗin haya. Shin za su riƙa biya na duk wata har in samu sabbin ƴan haya? Da kuɗin nan nake ciyar da marayu."

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, sannu da wannan jarabawa. Allah ya tsayar nan, ya mayar miki da mafi alheri. Wallahi da na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na ɗan zauna shiru, don abin da ya same ki shi ya same ni a Afrilun 2021, kuma ni ma marayu nake riƙo.

Kafin komai, tun da kin ce shekaranjiya ne: gobe da safe ki kai musu sanarwa a rubuce. Dokar inshora ta Sima, wadda Nijar ke aiki da ita, ta hana kamfani ya ba mutum ƙasa da kwana 5 na aiki don sanar da asarar gobara, kuma kwangiloli da yawa a kan biyar ɗin suke tsayawa. Kiran waya bai isa ba. Ki rubuta, ki yi kwafi biyu, su buga miki tambari da kwanan wata a kan naki. Kada ki bari a share gidan ko a kwashe kwanon da ya narke sai mai kimanta ɓarna na kamfanin ya zo ya gani. Ki ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ki nemi takardar ƴan kwana-kwana da suka kashe wutar.

Nawa gidan a Bukoki yake, marigayi maigidana ya bar mana. Ƙofa huɗu ne, kowace ciki da falo, jaka 40 a wata. Ƙarfe biyu na dare aka buga mini waya. Lokacin zafi ne, kin san yadda Yamai take a Afrilu, an ɗauke wuta, da aka maido sai wayar da ke cikin silin ta kama. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Na tarar da wata ƴar hayata zaune a ƙasa bakin titi, jaririnta a hannu, ba ta iya ko kuka. Mijinta yana ta neman komawa ciki don takardun aikinsa, maza uku suna riƙe da shi. Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa gabana faɗuwa yake. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma na tsaya nan har asuba ina kallon hayaƙi, ina lissafin kuɗin makarantar yara, ina ce wa zuciyata ai muna da inshora, ai za su riƙa biyan hayan.

Haka wakilin da ya sayar mana ya faɗa, da bakinsa, a falona, ya sha ruwana. Cewa ya yi: "Hajiya, in wani abu ya faru, shekara guda cur kina karɓar hayanki kamar ba abin da ya faru." Duk shekara shi ke zuwa karɓar kuɗin sabuntawa, da fara'arsa, yana tambayar yara da sunayensu. Bai taɓa tambaya ta ko hayan ya ƙaru ba, ko sau ɗaya. Bayan gobarar na kira shi ya fi sau ashirin. Ranar farko ya ɗauka ya yi mini jaje, daga nan sai dai a ce yana taro, ya yi tafiya Tawa, wayarsa ta lalace. Na gan shi a wani ɗaurin aure ya kau da kai. Ban yafe wannan kau da kan ba, Allah ya sani. Kuɗin ma bai ƙona mini rai kamar yadda ya mayar da ni baƙuwa ba.

To ga gaskiyar abin, ƴar uwa, kuma ki daure. Shekara ɗayan nan iyaka ce, ba alkawari ba. Abin da suke biya shi ne hayan watannin da mai kimanta ɓarna ya ce gyaran yana buƙata, in da a ce an fara aiki ba tsayawa. Ni ya rubuta wata 4. Gyaran ya ɗauke ni wata 9, don sai da na jira kuɗin ginin ya fito, damina ta shigo, siminti ya yi tsada, maginin ya tafi wani aiki. Wata biyar ɗin da suka hau, ba wanda ya biya ni. Kuma ranar da gyara ya ƙare hisabinsu ya ƙare, ko gidan ya yi wata uku a rufe kina neman mai kamawa. Don haka amsar tambayarki ita ce a'a, ba har ki samu sabbin ƴan haya ba. Ba kuma wata-wata nawa ya zo ba, dunƙule aka ba ni, bayan an gama lissafi.

Bari in buɗe miki lissafin nawa, don ki yi naki tun yau. Ƙofa huɗu, amma ɗaya babu kowa ciki ranar gobarar, mai ita ya tashi mako biyu kafin nan, ina shirin yin fenti. Suka cire ta, suka ce ɗakin da ba a haya ba shi da hayan da aka rasa. Saura uku. Jaka 40 sau uku, jaka 120 a wata, sau wata 4, jaka 480. Na ce to, ko wannan ma Allah ya amfana.

Sai aka ciro takardar da maigidana ya sa wa hannu. Lokacin da ya shiga inshorar kowace ƙofa jaka 30 ce, shi ne aka rubuta hayan shekara miliyan 1 da jaka 440. Ni kuma da na ƙara haya zuwa jaka 40, hayan shekara ya koma miliyan 1 da jaka 920, ban san ana komawa a gyara takarda ba. Suka ce tun da kashi uku cikin huɗu na hayan kawai muke biya wa inshora, kashi uku cikin huɗu za a ba ni, sauran ni na ɗauke wa kaina. Jaka 480 ta koma jaka 360. Abin da na rasa na gaskiya a wata tara, a ƙofa ukun nan kaɗai, miliyan 1 da jaka 80 ne. Na fito ofishin na zauna a kan dakali, mai gadi ne ya kawo mini ruwa.

Ki duba takardarki yanzu yanzu, ki ga adadin da aka rubuta gaban asarar hayan, ki gwada shi da hayan da kike karɓa yau sau 12. Ki duba kuma ko kin biya kuɗin bana, ki nemo rasit ɗin. A dokar Sima in ba a biya kuɗin inshora ba, inshorar ba ta fara aiki ba, kuma in ta hannun wakili kika biya ki tabbatar rasit ɗin na kamfanin ne. Duk ƴan uwan da ke karanta wannan masu gidan haya, don Allah ku ma ku duba, kada ku jira wuta.

Wani abin da ya kusa kayar da ni shi ne hujja. Mu nan haya da baki muke yi, dillali ya kawo mutum, a yi salati, a ba da mabuɗi. Ɗaya daga cikin ukun, malamin makaranta ne, shekara shida yana gidan ba mu taɓa rubuta komai ba. Kamfani ya ce ina shaidar cewa jaka 40 yake biya? Abin da ya cece ni littafin rasit ne da babbar ɗiyata ta matsa mini in riƙa cikewa, da saƙonnin turo kuɗi ta waya. Shi ma malamin, Allah ya saka masa da alheri, duk da kayansa sun ƙone kurmus ya zo ya rubuta takardar shaida ya sa hannu. Ki tattara naki tun ƴan hayanki ba su watse cikin gari ba. Mutumin da ya koma Kwara Tegi ko ƙauye, neman sa hannunsa wahala ne.

Kuma ki tausaya musu, Hajiya. Galibi inshorar mai gida ba ta biyan katifa ko firjin ɗan haya, sai in shi ma ya yi tasa, kuma a cikin nawa ba wanda ya yi. Mai jaririn nan ta biya ni wata uku gaba, kwana goma kawai ta ci a ciki. Na sayar da ƴan kunnena na mayar mata da sauran, har da kuɗin ajiyarta. Dangin maigidana sun yi ta surutu wai na yi gaggawa, wai in jira inshora. In jira da haƙƙin wa? Matar tana kwana a zauren ƴar uwarta.

Ki gode Allah ma naki wuta ce. Asarar haya ba ta tsayawa da ƙafarta, tana bin abin da ya ɓata gidan ne. In shi yana cikin kwangila ita ma ta shiga, in ba ya ciki ba ta nan. Wata aminiyata mai gida a Lamorde, a ambaliyar 2020 da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga Harobanda, gidanta ya yi makonni cikin ruwa. Tana da layin asarar haya irin naki. Ko dala ba ta samu ba, don ɓarnar ruwa da ke takardarta ta fashewar famfo ce da yoyon bututu, ba ta kogi ba. Haka kuma ɗan hayan da ya ƙi biya ya gudu da dare, wannan layin bai shafe shi ba sam.

Abin da na fi nadama shi ne ranar da mai kimantawa ya zo. Ni kaɗai na tarbe shi, idona a kumbure, ya zagaya minti ashirin, ya rubuta wata 4, daga baya na sa hannu. Ban san ina da ikon ƙin yarda ba. Ke kada ki tarbe shi ke kaɗai. Ki zo da magini na kirki da mai aikin wutar lantarki, su rubuto tsadar aikin dalla-dalla da tsawon lokacin kowane mataki: kwashe ɓaraguzai, duba bangon da zafi ya tsattsaga, rufi, sabuwar wayar wuta, shafe, fenti. Ki tuna masa siminti sai ya bushe kafin a hau kansa. Kowane wata ɗaya da aka ƙara a takardarsa, hayan ƙofa uku ne a hannunki. In kun saɓa, duba kwangilarki, galibi tana ba ki damar ɗaukar naki mai kimantawar, ke za ki biya shi, in su biyun ba su daidaita ba a kira na uku. Ki nemi su ba ki wani abu daga kuɗin ginin tun kafin a rufe lissafi, a rubuce, don aiki ya fara kafin ruwan sama. Ni ban nema ba, shi ya sa damina ta same ni da gida ba rufi.

Ki rubuto mana adadin da ke gaban layin asarar hayan da abin da kike karɓa a wata, ba sai kin sa sunan kamfanin ba, mu yi lissafin tare kafin mutumin nasu ya zo. Ki gaida yaran.