Yadda zan tsara hujjojin lacca kafin rubuta makala

"Malam yana kawo hujjoji a laccar falsafa, amma in na zo rubutu sai su cakuɗe mini. Ya zan yi?"

Ɗan'uwa, fara da nemo matsayar da malam yake son kaiwa, ka rubuta ta a ƙasan takarda. Sannan ka jera dalilan da ke ɗauke da ita a sama, kowanne a layinsa da lamba.

Ɗauki hujjar Descartes, masanin falsafa ɗan ƙasar Faransa: ina iya shakkar samuwar jikina, ba na iya shakkar samuwar hankalina, saboda haka hankali daban, jiki daban. Da ka jera su za ka ga giɓi. Akwai dalilin da ba a furta ba, wato abu biyu in ɗaya ne, duk abin da ya shafi wannan ya shafi wancan. Rubuta shi na uku, don nan makalarka take: shin shakka siffar abu ce, ko halin mai tunani?