Amsar ɗaliba daidai ce, amma ba ta cikin jagorar maki

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a sakandare. Ina makin takardun jarrabawa sai na tarar wata ɗaliba ta bayyana amsa daidai, amma ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda ke jagorar maki ba ta yi amfani da ita ba. Shugaban sashenmu ya ce abin da ba ya cikin jagora ba shi da maki. Ina tsoron in zalunce ta, ina kuma tsoron a ce na fifita ta. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma maganar shugaban sashenku ita ce kuskuren da na fi cin karo da shi a duk zaman daidaita makin da na taɓa halarta. Mutane da yawa sun ɗauka jagorar maki jerin kalmomi ce da ake farautarsu a takardar ɗalibi, inda aka ga kalma a zarga jan biro, inda ba a gani ba a wuce. Wanda ya rubuta jagorar ya rubuta ma'anonin da yake son ya ga ɗalibi ya fahimta ne, ya kuma zaɓi lafazi ɗaya domin ya wakilci kowace ma'ana, saboda ba zai yiwu ya jera dukkan hanyoyin da za a iya faɗar abu ɗaya ba. Shi ya sa hukumomin jarrabawa da dama suke sa alamar "oe" a gefen amsa, wato ita ko makamanciyarta.

Farautar kalmomi tana cutarwa ta fuska biyu, kuma ta biyun ce mutane ba sa lura da ita: tana hana mai fahimta hakkinsa, tana kuma ba wanda bai fahimci komai ba makin da bai cancanta ba. Bari mu ɗauki tambaya mai maki 3: "Bayyana yadda gumi yake sanyaya jiki." Jagora ta raba makin haka: gumi yana zama tururi a kan fata, maki 1, zama tururi yana buƙatar zafi, maki 1, daga jiki ake ɗaukar wannan zafin, maki 1.

Ɗalibi na farko ya rubuta: "Gumi ruwa ne mai sanyi da yake fitowa ya kashe zafin jiki, sannan ya zama tururi." Mai farautar kalmomi zai ga tururi, ya ga zafi, ya ga jiki, ya ba shi maki 3 cikin daƙiƙa biyar. Alhali yaron nan ya yi imani da abin da ba gaskiya ba ne. Gumi ba ya fitowa da sanyi, domin daga cikin jiki yake, da ɗumin jiki yake fitowa. Sanyin yana samuwa ne lokacin da yake tashi, inda kowane giram ɗaya yake kwashe kimanin jul 2,400 na zafi. Maki 1 kaɗai ya cancanta, na zama tururi, saboda ya juya sanadin abin baki ɗaya.

Ta biyu ta rubuta: "Idan gumi zai bushe, ba haka kawai yake tafiya ba, sai ya ci zafi kafin ya iya tashi ya bi iska, kuma zafin da yake ci na fatar mutum ne." Babu kalmar tururi a nan, amma ki bi jimlar a hankali. Ya tashi ya bi iska, ma'ana ta farko ke nan. Sai ya ci zafi kafin ya iya tashi, ta biyu ke nan. Na fatar mutum ne, ta uku. Maki 3 cif, kuma duk wanda ya rage mata ko rabi ya hukunta ta ne a kan salon magana, abin da tambayar ba ta nema ba.

Na uku ya fi wahala, domin ya bi wata hanya dabam: "Ƙwayoyin ruwan da suka fi gudu su ne suke tserewa cikin iska, sai a bar marasa kuzari, shi ya sa ruwan yake hucewa." Wannan bayani ingantacce ne, har ma ya fi na jagorar zurfi, kuma ya cika ma'ana ta farko da ta biyu. Sai dai ya tsaya a kan ruwan, bai haɗa shi da fata ko jiki ba, don haka maki 2 ne. Na san zuciya za ta ce ai yaron ya sani, amma abin da ke kan takarda ake yi wa maki. Da zarar kin fara cike wa ɗalibi giɓi da abin da kika sani game da ƙoƙarinsa a aji, kin shiga fifikon da kike gudu, domin wanda ba ki sani ba ba zai samu wannan alfarmar ba.

Akwai wurin da shugaban naku yake da gaskiya, kuma kalmar umarnin tambaya ce take nuna shi. Idan an ce "ambaci sunan", to sunan ake gwadawa, kuma dogon bayani ba zai maye gurbinsa ba. Idan an ce "bayyana" ko "me ya sa", alaƙar sanadi da sakamako ake nema. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗauki dokar nau'in farko a ɗora wa na biyu don kawai ta fi saurin aiki, a kuma kira wannan adalci. Ana iya yi wa aji guda kuskure iri ɗaya, kowa ya samu rabonsa daidai wa daida, kuma hakan bai sa ya zama daidai ba. Illar ma ba ta tsayawa a takarda ɗaya: ɗalibai suna gane abin da ake ba maki da wuri, sai su koma hadda, su riƙa watsa kalmomi a amsa kamar mai watsa iri, ko Allah zai sa ɗaya ta tsiro.

Ga yadda za ki kare kanki da ɗalibar a lokaci guda. Kafin ki ɗauki jan biro, ki karanta takardu 15 zuwa 20 a kan wannan tambayar kawai, ki rubuta a gefen jagorar lafuzan da za ki karɓa da waɗanda za ki ƙi, misali "ya bi iska" karɓaɓɓe ne, "ruwa mai sanyi" ba karɓaɓɓe ba ne. Ki yi makin tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin ki wuce zuwa ta gaba, sunayen a rufe. Idan a takarda ta 60 kika yanke shawarar karɓar wani sabon lafazi, wajibi ne ki koma kan 59 ɗin da suka gabata ki duba, in ba haka ba makin ɗalibi ya dogara ke nan da inda takardarsa ta faɗo a cikin tari.

Game da shugaban sashe, kada ki je masa da takardar ɗaliba ɗaya, domin nan ne zargin fifiko yake samun ƙofa. Ki kwafe amsoshi 10 babu sunaye, ciki har da irin ta ɗalibi na farko, ki roƙe shi da wani abokin aiki kowa ya yi makinsu shi kaɗai, sannan ku kwatanta. Duk inda kuka saɓa da maki 1 ko fiye, ku tattauna, ku rubuta matsayarku a jikin jagorar, ya sa hannu, ta hau kan kowane aji da ya rubuta jarrabawar. Idan jarrabawar ta hukuma ce ta waje, ba ki da ikon sauya jagora da kanki. Ki ware takardar ki miƙa ta ga shugaban ayarin masu makin, domin shi ke da hurumin yanke hukunci a kan amsar da jagora ba ta hango ba.