Lambar ba ta dace da ta littafi ba, me zan rubuta?

*Malam, na gasa jan ƙarfe a 500°C, na auna da XRD, wato na'urar awon kiristal da hasken X-ray, tsawon gefen ɗakin kiristal ya fito 3.619 Å, littafi kuma 3.615 Å. Hankalina ya tashi. In ce gashin ne ya jawo?*

Kwantar da hankalinki, ƴata, aikinki bai ɓaci ba. Amma kada ki yi saurin ɗora wa gashi laifi. Gashi yana sassauta matsin da bugu ko murza ya bari a jikin ƙarfe, don haka tsantsar jan ƙarfe kamata ya yi ya matso kusa da lambar littafi. Ki fara tuhumar awon kansa.

Wane tsini na jadawalin XRD kika yi lissafi da shi? In (111) ne, wanda ke fitowa wajen 43.3° a 2θ, ga inda gizo ke saƙar:

```
Δa/a = −cot θ · Δθ
```

A nan a shi ne tsawon gefen, θ rabin kusurwar 2θ ne, Δθ kuma gocewarsa ce da radiyan. Gocewar 0.05° kacal a 2θ tana canza lambar da kusan 0.004 Å a wannan tsinin, daidai giɓin da ya hana ki barci. Samfur ya ɗan nutse ƙasa da leɓen mariƙinsa ya isa ya jawo hakan. Irin wannan gocewa a (331), wajen 136.5°, 0.0006 Å kawai za ta ba ki. Ki lissafa kowane tsini daban: in lambar tana sauka zuwa 3.615 yayin da kusurwa ke girma, zaman samfur ne. In ta kafe a ko'ina, sannan ki yi maganar wani sinadari da ya narke cikin ƙarfen.

Abin da ke ɓata min rai a rahotanni shi ne dalili ba lissafi. Wani ya rubuta zafin ɗaki ne, alhali bambancin 10°C bai wuce 0.0006 Å a jan ƙarfe ba. Wani ya ce guraben atom ne, waɗanda ko dab da narkewa ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Duk dalilin da kika kawo, ki faɗi ko ƙara lambar yake ko ragewa, kuma da nawa.

*Ya cancanci mu sayi garin silikon na gwaji?*

Ƙwarai, don da shi za ku gane gocewar awo, amma mai takardar shaida, mai tsawon gefe 5.431 Å. Ku gauraya shi da samfur ko ku shafa a fuskarsa. Wanda ba shaida ɓarnar kuɗi ne.

*In gyara lambar ta zama 3.615?*

Haba! Ƙarya ke nan a rahoto. Koma ki sake awo.