Mabiya sun cika 10,000: yaya zan yi godiya, kuma in raba kyauta?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗinka jakunkunan hannu ina sayarwa ta Instagram, jiya shafina ya cika mabiya 10,000. Ina so in yi rubutun godiya, wasu kuma sun ce in haɗa da rabon kyauta. Don Allah yaya ake yi abin ya yi armashi ba tare da na yi asara ba?"

Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sa albarka, ya ƙara buɗi.

Kafin komai, ki ɗan dakata kwana uku ko huɗu. Adadin mabiya ba ya tsayawa cik. Kullum akwai masu fita, kuma lokaci-lokaci Instagram na share shafukan bogi, sai ki kwana da 10,004 ki tashi da 9,980. Babu abin kunyar da ya kai ki wallafa "mun kai dubu goma" mutum ya leƙo ya ga ba su cika ba. Ki bari su haura da kamar ɗari ko ɗari biyu tukun. A cikin kwanakin nan ki shiga Insights ki rubuta abubuwa uku a takarda: mutum nawa ke ganin kowane hoto a cikin goman ƙarshe da kika saka, saƙon tambayar kaya nawa ke shigo miki a mako, da oda nawa ake biya a mako. Da waɗannan za ki auna ko bikin ya yi amfani, domin adadin mabiya shi kaɗai ba zai gaya miki ba.

Rubutun godiyar kansa, yawancin matasa 'yan kasuwa a nan suke yin sakaci. Sai a saka babban "10K" da balan-balan a hoto, a rubuta "na gode masoyana, ba don ku ba da ban kai nan ba", shi ke nan. Abokai su yi ta barka, amma wanda ya fara bin shafin watanni shida da suka wuce, ya ma manta me kike sayarwa, ya wuce bai tuna ba. Alhali irin wannan rubutu yakan samu tsokaci fiye da na kullum, saboda mutane na son taya murna, don haka yana kaiwa ga idanun da suka daɗe ba su ga kayanki ba. To, su tarar da jaka a ciki.

Ki yi shi da hotuna masu jerawa, biyar zuwa bakwai sun isa, duk da cewa ana iya sa har ashirin. Na farko ya zama ke ce riƙe da jakar da ta fi tafiya a kasuwa, ko hannuwanki a kan keken ɗinki idan ba kya son nuna fuska, lambar 10,000 kuma ta zauna ƙarama a gefe. Na biyu, jakar farko da kika taɓa ɗinkawa kusa da ta yanzu, ko da ɗinkin ta farkon ya karkace, hasali ma karkacewar ce ke sa mutum ya tsaya kallo. Sai biyu ko uku na saƙonnin kwastomomi. A nan ki kula: ki nemi izinin mai saƙon, ki goge suna, hoto da lambar waya da fenti mai kauri, ba da siririn layin da ake hango rubutu ta ƙarƙashinsa ba. Akwai wadda ta sayi jaka ba ta son kowa ya san ta saya, kin ga godiya ta zama tonon silili. Hoton ƙarshe ya faɗi yadda ake oda.

Rubutun ƙasa kuwa, Instagram na yanke shi bayan kamar haruffa 125, sauran sai mutum ya danna. Saboda haka layin farko ya ɗauki godiya da sana'a a tare. Ga misali, ki sauya shi da gaskiyar abin da ya faru da ke:

"Mun cika 10,000, na gode. Ni ce mai ɗinka jakunkunan nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Godiya ta musamman ga waɗanda suka saya tun ina ɗaukar hoto a kan tabarma, da waɗanda suka dawo da jaka suka ce zif ya lalace, domin su ne suka sa na sauya wurin sayen zif. Wadda ba ta taɓa saya ba amma take tura hotunan ga ƙawayenta, ke ma na gode."

Kin ga godiyar ta kama suna, ta faɗi abin da aka yi mata. Kada ki tsawaita labarin wahala, kuma kada ki sa habaici ga "maƙiya" da "masu hassada". Mai son sayen jaka idan ta ga mai shafi na jifa da magana ranar murna, sai ta fara tunanin yadda za a yi da ita ranar da ta kawo ƙorafi. Bayan kin wallafa, ki zauna da wayar awa ɗaya ko biyu kina amsa tsokaci, kowa da amsarsa, musamman tsofaffin kwastomomi. Sannan ki maƙala rubutun a saman shafi, ana iya maƙala har guda uku, ki kuma sa shi a Story, ki adana a Highlights tunda Story awa 24 kawai yake yi.

Yanzu batun kyauta, inda asarar take. Abin da aka saba shi ne a ce "ku bi shafi, ku ambaci mutum uku, za a ba mutum biyar kuɗi ko kati". Wannan yana tara 'yan cin bulus, mutanen da aikinsu ke nan bin duk inda ake rabo, wasu da shafuka uku-huɗu. Za ki ga lamba ta yi tsalle cikin kwana biyu, ki ji daɗi. Ranar da aka sanar da masu nasara sai a fara zarewa, kuma waɗanda suka zauna sun fi masu tafiya illa, domin ba sa kallon kayanki. A farkon 2025 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya ce abubuwa uku ne suka fi nauyi wajen yaɗa abin da aka wallafa: tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, yawan masu danna alamar so a cikin waɗanda suka gani, da yawan masu tura shi ga wasu. Duk mabiyin da aka nuna wa jakarki ya wuce da sauri, yana rage miki waɗannan ne. Alamar an faɗa wannan rami ita ce mabiya sun ƙaru amma masu gani da masu tambayar kaya suna nan yadda suke, ko ma sun ragu. Idan kina wallafawa a Facebook ma, ki sani tun ƙarshen 2017 suke rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon "ku ambaci aboki, ku yi sharing", to ba riba ta ko'ina.

Idan har za ki bayar, ki bayar da jaka, kada ki ba da kuɗi. Kowa na son kuɗi, amma mai son jaka ce kawai za ta wahalar da kanta a kan jaka, kuma ita kike nema. Guda biyu ko uku sun wadatar. Sharaɗin shiga ya zama tambayar da amsarta za ta amfane ki, kamar "wace kala da wane girma kike so in ɗinka a gaba?" A ƙarshe kin samu ra'ayin kasuwa kyauta. Ni a ganina ki ware guda ɗaya ki ba tsohuwar kwastoma ba tare da gasa ba, yaba kyauta tukuici, kuma ita ce za ta fi kowa yayata ki. Ki rubuta dokoki a fili: ranar rufewa da ƙarfe nawa, yadda za a zaɓa, wa zai biya kuɗin aikawa, inda kike iya aikawa, da kwana nawa mai nasara ke da shi kafin a ba wani. Dokar Instagram ta kuma buƙaci ki bayyana cewa ba su suka shirya ko ɗauki nauyin rabon ba, layi ɗaya ya isa. Zaɓen ki yi shi kai tsaye a bidiyo, in ba haka ba za a ce 'yar'uwarki kika ba.

Wasu kan zaɓi ragi maimakon kyauta, kuma ya fi kawo ciniki, amma ki yi lissafi kafin ki furta. A ce a cikin kowane ɗari na farashin jaka, saba'in da biyar kuɗin fata, zif, shafin cikin jaka, leda da aikinki ne, ashirin da biyar riba. Idan kika yi ragin kashi goma cikin ɗari, ba daga kuɗin kaya zai fita ba, daga riba ne, sai ta koma goma sha biyar. Jaka goma a da suna ba ki ribar 250, yanzu sai kin sayar da goma sha bakwai kafin ki kamo hakan. Ragin kashi ashirin kuwa ya bar miki biyar kacal, sai jaka hamsin. Sai kuma ƙarfin hannunki: idan goma sha biyu kike iya ɗinkawa a mako, oda arba'in ta shigo, ta ƙarshe za ta jira sama da mako uku, kuma a ƙarƙashin rubutun godiyar nan za ta zo ta yi ƙorafi. Don haka ki sa iyaka biyu, ta lokaci da ta adadi: kwana uku, oda ashirin na farko, a kan kayan da ke ƙasa a ɗinke. Ki ba da wata kalma da mai saye za ta ambata a saƙo, da ita za ki ƙirga cinikin da rubutun ya jawo.

Abu ɗaya da kusan kullum ke biyo bayan sanarwar rabo shi ne 'yan damfara. Sukan buɗe shafi da hotonki da sunanki, su ƙara ɗigo ko ɗan layi a ƙasa, su bi duk wanda ya yi tsokaci da saƙon "kin ci kyauta, turo kuɗin aikawa", ko su nemi lambar sirri da aka turo wa mutum a waya. Ki riga su: ki rubuta a cikin sanarwar cewa shafinki ɗaya ne, ba za ki nemi kuɗi ko wata lamba ba, kuma a bainar jama'a za a faɗi masu nasara. Kullum ki rubuta sunan shafinki a wurin bincike ki ga ko ya yi tagwaye, idan ya yi ki kai rahoto ki sanar a Story. Ke ma za su iya turo miki saƙon wai kin cancanci shuɗin maki, ki danna nan. Kada ki danna, kuma ki kunna Two-factor authentication, wato ƙarin tsaron da ke neman lambar sirri bayan kalmar shiga, tun kafin ki wallafa.

Bayan mako biyu ki ɗauko takardar nan ki sake duba alƙaluman uku. Idan mabiya sun ragu da ɗari amma tambayar kaya ta tashi daga ashirin zuwa talatin a mako, abin ya yi kyau. Idan mabiya sun ƙaru da dubu, tambaya tana nan a ashirin, to idan mabiya sun kai dubu ashirin ki yi godiya da ragi mai iyaka kawai, ki bar rabon.