Abin da ya sa waƙar inji ba ta wuce "duniya" da "zuciya"

Tambaya: "Don Allah malamai, ni daga Gusau nake. Duk waƙar da na sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta min, amsa-amonta ɗaya ne, kuma gajeren labari sai ya ƙare da sulhu ko aure. Ni ce ban iya tambaya ba?"

Malama, ba daga gare ki ba ne. Na daɗe ina koyar da rubutacciyar waƙa a nan Birnin Kebbi, kuma tun da ɗalibai suka fara kawo min irin wannan aiki nake lura da shi.

Injin yana rubutu ne guntu-guntu, kowane lokaci yana auna wane guntun kalma ya fi dacewa ya biyo baya bisa rubuce-rubucen da aka horar da shi da su. Abin da aka fi yawan faɗa shi ya fi rinjaye. Na taɓa cewa ya yi min baiti kan kamun kifi na Argungu, ga irin abin da ya fito:

Kogin Argungu mai albarka a duniya,
Kana sanyaya mana zuciya,
Masunta na murna da gaskiya,
Allah ya ba mu zaman lafiya.

Dubi ɗango na uku. Me "da gaskiya" take yi a nan? Ba komai, an jawo ta ne don a samu "ya". Kalmomin da ke ƙarewa da "ya" ko "wa" sun cika Hausa, kuma duniya, zuciya, gaskiya da lafiya suna shiga kowane jigo, don haka duk inda ɗango ya nufa akwai mafita. Ki cire Argungu ki sa wani kogi, ba abin da zai sauya. Babu Matan Fada, babu homa, babu gora, babu giwan ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa cikin taɓon nan ba zai rubuta haka ba.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne kari, wato ma'aunin waƙa. Waƙarmu a kan nauyin gaɓa take tafiya, amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne, alhali gaɓar farko ta ɗaya gajeriya ce, ta ɗayan doguwa. Ke da kunne kike rarrabewa; shi haruffa kawai aka ba shi. Shi ya sa ɗango na biyu ya fara da gaɓa marar nauyi sannan mai nauyi (ka-naa), na huɗu kuma da masu nauyi biyu (Al-lah), ga na farko mai gaɓa 13 alhali sauran 10-10 ne. Amsa-amo ana ganinsa a ƙarshen layi, sai injin ya riƙe shi kam, ya saki abin da ba a gani. Ki rera baitin da murya, nan take za ki ji inda ya yi tuntuɓe.

Su wata da taurari da furanni da yake yawan sakawa a waƙa kuwa, dalili shi ne yawancin abin da ya karanta Turanci ne, Hausar da ya samu kuma labarai da wa'azi da littattafan soyayya sun fi yawa. Waƙoƙin makaɗan fada da na noma da na dambe na Zamfara da Kabi galibi a kaset da bakin mutane suke, kaɗan aka rubuta. Har dusar ƙanƙara na taɓa gani a waƙar hunturu.

Ƙarshen labari dalilinsa daban. Bayan horon farko, ana ba mutane amsoshi su zaɓi wadda ta fi, a sake horar da injin da zaɓinsu. Mai dubawa cikin hanzari ya fi ba da maki ga labarin da ya kammala sumul, ba wanda ya ɓata wa rai. Labarin da ya bar kishiya ba ta tuba ba yana iya kama da wanda ba a gama ba. Sai injin ya saba da ɗaure kowane zare, ya ɗora darasi a sakin layi na ƙarshe.

In za ki ci gaba da amfani da shi, ki hana shi "ya" da "wa", ki zaɓa masa amsa-amo mai wuya kamar "ki" ko "ce". Ki ba shi kayan aiki da kanki: sunan unguwa, abin da matar ke sayarwa, bashin da ake bin mijinta, maganar da ta kasa faɗa. Ki ce kada kowa ya nemi gafara. Yakan bi na ɗan lokaci, sai wajen baiti na huɗu ko na biyar ya koma gidan jiya. A labari, share sakin layin ƙarshe ki karanta, sau da yawa a nan ya kamata a tsaya. Kari dai ke za ki gyara da bakinki, ɗango bayan ɗango.